Wace Inshora Zan Fara Yi wa Iyalina, ta Lafiya ko ta Rai?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 38, ina aikin ajiyar kaya a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, albashina naira 180,000 a wata. Mu bakwai ne a gida: ni, matata wadda ke da ciki wata uku, 'ya'yanmu huɗu, da mahaifiyata mai hawan jini. Ina da babur da nake zuwa aiki da shi, kuma ina zubin adashen naira 15,000 da mutum goma. Wani wakilin kamfanin inshora ya matsa mini in shiga tsarin inshorar rai da ajiya, in riƙa biyan naira 20,000 duk wata har shekara goma. Naira 20,000 ɗin nan ita ce iyakar abin da zan iya warewa. Matata kuwa ta ce inshorar lafiya ta fi. Wacce zan fara yi, yaya zan tsara biyan, kuma shin abin ya halatta?

Wani magidanci, daga Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya kuma ƙara wa Hajiya sauƙi.

Maiɗakinka ce ke da gaskiya, kuma ina so ka fahimci dalilin da kanka, domin idan ka gane shi, ko gobe wani wakilin ya zo maka da wani sabon tsari mai daɗin suna, za ka iya auna shi ba sai ka tambayi kowa ba. Ma'aunin da ake bi wajen jera inshora shi ne a dubi kowace musiba ta fuska biyu, wato yawan yadda take aukuwa, da kuma girman ramin da take bari a aljihu idan ta auku. Abin da yake faruwa kullum amma kuɗinsa kaɗan ne, kamar maganin mura ko facin taya, ba ya buƙatar inshora, ajiya ce maganinsa. Abin da yake iya faruwa a kowace shekara kuma yake iya cinye albashin wata uku cikin dare ɗaya, shi ne ya fi cancanta a fara rufe ƙofarsa, kuma a gida irin naka wannan abu shi ne rashin lafiya. Rasuwar mai ciyarwa ta fi shi girma nesa ba kusa ba, amma a shekarunka yiwuwar aukuwarta a cikin shekara guda kaɗan ce idan aka kwatanta da yiwuwar kwanciya a asibiti ga ɗaya daga cikin mutum bakwai, waɗanda a cikinsu akwai mai juna biyu, da dattijuwa mai shan magani kullum, da yara ƙanana da damina ba ta wucewa sai zazzaɓin cizon sauro ya taɓa ɗayansu.

A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa kai tsaye. Ma'anar wannan adadi na gan ta da idona a bakin tagar biyan kuɗi ta wani asibiti, wajen ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da na raka wani maƙwabcina da matarsa ke naƙuda aka ce sai an yi mata aiki. Yana tsaye riƙe da 'yar takardar da aka rubuta masa adadi, yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, wasu wayarsu a kashe, wasu suna cewa sai gari ya waye. An yi aikin, uwa da jariri suka tashi lafiya, amma kafin suna ya sayar da keken ɗinkin matar, wanda da shi take samun kuɗin cefane, kuma ya shafe fiye da rabin shekara yana biyan bashi. Wannan ita ce irin asarar da inshorar lafiya take tarewa, domin ciwo ba ya tsayawa a kan kuɗin magani, yana bin jari ya cinye shi, ya bar gida ba hanyar samu.

Kafin ka fitar da ko kwabo, akwai tambayoyi biyu da za ka kai ofishin kula da ma'aikata na wurin aikinka, domin mai yiwuwa ne kana da haƙƙin da ba ka sani ba. Ta farko ita ce ta lafiya. Dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda aka sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta maye gurbin tsohon tsarin NHIS, ta wajabta inshorar lafiya, kuma ta haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. Kamfanoni da yawa ba su cika wannan umarni ba, wasu kuma sun yi rajista amma ma'aikatan ba su taɓa karɓar katinsu ba. Idan naku ya yi, tsarin ma'aikata yakan ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wanda ke nufin Hajiya da jaririn da ke tafe su ne kaɗai za ka nema wa mafita daga aljihunka.

Tambaya ta biyu ita ce ta rai, kuma ita ce wadda wakilin nan ba zai taɓa tuna maka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata da ke ƙarƙashin tsarin fanshon da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke kula da shi nauyin yi musu inshorar rai ta gama-gari, wadda ba za ta gaza ninki uku na jimillar albashin ma'aikaci na shekara ba, kuma kamfani ne yake biyan kuɗinta gaba ɗaya ba tare da an cire komai daga albashi ba. A lissafinka, naira 180,000 sau 12 ta ba da naira 2,160,000, idan aka ninka sau uku kuma ta zama naira 6,480,000. Idan wannan inshora tana nan da rai, to kana da kariyar da ta fi wadda za ka iya saya wa kanka da kuɗin da ke hannunka. Saboda haka ka nemi a faɗa maka sunan kamfanin inshorar, ka nemi ganin shaidar cewa an biya na wannan shekarar, sannan ka tabbata an rubuta sunan wanda za a tuntuɓa daidai. Iyakar wannan kariya ita ce tana tare da aikin, ranar da ka ajiye shi ko aka sallame ka, ranar take yankewa.

Yanzu mu ɗauka amsar duka biyun ita ce babu, domin shi ne mafi muni, kuma idan lissafi ya tsaya a kan mafi muni to zai tsaya a kan sauran. A matsayinka na mazaunin Kano, ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, wadda ke karɓar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, kamar yadda KADCHMA take yi a Kaduna. Akwai kuma tsarin NHIA da ake kira GIFSHIP, na ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi, sai kuma tsare-tsaren kamfanonin kula da lafiya masu zaman kansu da aka fi sani da HMO, waɗanda suka fi tsada, kuma da yawansu suna da iyakar shekaru ko ƙarin kuɗi ga tsofaffi da masu ciwon da aka riga aka sani. Ga gida mai mutum bakwai da naira 20,000 a wata, tsarin jiha ko na tarayya shi ne ya fi kusa da ƙarfinka, saboda an gina su ne a kan haɗa kuɗin jama'a masu yawa, mai lafiya ya ɗauki nauyin marar lafiya.

Yadda abin yake aiki shi ne, idan ka biya kuɗin shekara aka yi muku rajista, za ka zaɓi asibiti guda daga cikin waɗanda hukumar ta amince da su, ya zama shi ne asibitinku na farko. Hukumar tana biyan wannan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane kai, ko kun je ko ba ku je ba, shi kuma ya duba ku a kan zazzaɓi, gudawa, awon ciki, haihuwa, gwajin jini na yau da kullum da kula da hawan jini. Idan matsala ta fi ƙarfinsa, kamar tiyata ko ganin ƙwararren likita, sai ya rubuta takardar turawa, a nemo lambar izini, sannan babban asibiti ya karɓe ku. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren da ke sa su ce inshora ƙarya ce: sai mutum ya ɗauki marar lafiya ya wuce babban asibiti kai tsaye ba tare da takardar turawa ba, a ce masa ya biya, ya dawo yana zagin tsarin. Don haka zaɓen asibitin farko ba ƙaramin abu ba ne. Ka je da ƙafarka ka gani, ka tambaya ko suna aiki da dare, ko akwai likita a ƙarshen mako, ko suna karɓar haihuwa, sannan ka tambayi masu katin da ka tarar a layi ko ana ba su magani a nan ko kullum sai a ce ya ƙare. Asibitin da ke bayan gidanku amma yana rufewa da magariba bai kai wanda ke da nisan kilomita uku yana buɗe dare da rana ba.

Akwai iyakoki uku da nake so ka shiga da saninsu. Na farko shi ne lokacin jira, domin katin ba ya fara aiki ranar da ka biya, yakan ɗauki makonni, a wasu tsare-tsaren har wata biyu ko uku. Wannan ya shafe ka kai tsaye, tunda saura wata shida a haihu, kuma kowane mako da ka jinkirta yana cin wannan tazara. Ka tambayi jami'in rajista a fili ko cikin da aka riga aka ɗauka kafin rajista yana cikin abin da suke biya, har da aikin fiɗa idan ta kama, ka kuma nemi ya nuna maka wurin a rubuce. Na biyu shi ne kason magani, domin a tsarin tarayya mai kati yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, kuma magungunan da ake bayarwa su ne waɗanda ke cikin jerin da hukuma ta amince da shi. Idan Hajiya ta saba da wani maganin hawan jini na wani kamfani, ana iya ba ta irinsa na wani kamfanin daban, kuma yana da kyau likita ya duba ya tabbatar ya karɓe ta. Na uku shi ne manyan cututtuka masu dogon magani, kamar wankin ƙoda da ciwon daji, waɗanda akasari ba a ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya, sai dai wani ɓangare. Inshorar nan ba ta kawar da buƙatar ajiya ba, ta dai rage girman ajiyar da kake buƙata zuwa abin da mai albashi zai iya tarawa.

Sai inshorar rai, wadda ita ce ta biyu a jeri, kuma a nan dole a rarrabe abubuwa biyu da ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai kariya zalla ta ƙayyadadden lokaci, inda kake biyan kuɗi kaɗan a shekara, idan Allah ya yi maka rasuwa a cikin wa'adin a biya iyalinka adadin da aka yi yarjejeniya, idan kuma wa'adin ya cika kana raye ba a mayar maka da komai. Akwai kuma irin wadda aka kawo maka, wadda ta gauraya kariya da ajiya. Ta biyun ta fi daɗin ji, domin mutum yana ganin kuɗinsa ba su tafi a banza ba, amma ka duba ta da idon lissafi. Naira 20,000 a wata har shekara goma ta kama naira 2,400,000, kuma a irin waɗannan tsare-tsare abin da ake biyan iyali idan mutum ya rasu yakan kasance kusa da wannan adadin ne, wato kuɗin da bai fi albashinka na wata goma sha uku ko sha huɗu ba. Wani kaso mai yawa na zubin shekarar farko yana tafiya ne a kamashon wakili da kuɗin gudanarwa, shi ya sa wanda ya gaza ci gaba bayan shekara ɗaya ko biyu yakan tarar abin da za a mayar masa bai kai abin da ya zuba ba, wani lokaci ma babu komai. Ga kuma hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Buhun shinkafar da bai kai naira 15,000 ba a 2015 ya wuce naira 70,000 a 2024, saboda haka miliyan biyu da 'yan kai da za a miƙa maka bayan shekara goma ba za ta sayi abin da take saya yau ba, sai dai idan ribar da aka ɗora mata ta kamo tashin farashi, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ba ina cewa wakilin maƙaryaci ne ba, kuma tsarin yana da amfani ga wanda ya riga ya rufe sauran ƙofofi yana neman abin da zai tilasta masa ajiya. Amma a wurinka zai cinye duk abin da kake da shi, ya bar mai ciki da dattijuwa ba kati, kuma ranar da asibiti ya nemi kuɗi masu yawa, zubin inshorar shi ne abu na farko da za ka daina, ka yi asara ta fuska biyu. Idan kana son ka gwada abin da na faɗa, ka roƙe shi ya rubuta maka adadin da za a mayar maka idan ka tsaya bayan wata 12, da bayan wata 24, da bayan wata 36, sannan ya faɗa maka nawa ne kuɗin kariya zalla ta naira miliyan uku ga mai shekara 38. Amsoshin nan huɗu za su nuna maka bambancin fiye da duk bayanin da zan yi.

Game da halacci, tambayarka tana kan hanya, kuma malamai sun daɗe da yin magana a kai. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a cikin ciniki, ta kuma halatta inshorar taimakekeniya da aka gina a kan kyauta da haɗin kai. A kan wannan tushe takaful ya tsaya, wanda kamfaninsa na farko ya fara aiki a Sudan a 1979. A Nijeriya hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A takaful, gudummawarka tana shiga asusun mahalarta a matsayin tabarru'i, wato kyauta, daga nan ake biyan wanda musiba ta samu, kamfani yana karɓar ladan wakilci, ba a juya kuɗin a harkar riba, kuma idan an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Abin da ake kira takaful na iyali shi ne madadin inshorar rai, sai dai shi ma yana da nau'in kariya zalla da nau'in da aka gauraya da ajiya, don haka tambayoyin da na ce ka yi wa wancan wakilin, ka yi su a nan ma. Tsarin lafiya na jiha da na tarayya kuwa asalinsu taimakekeniya ne, ba ciniki don riba ba, shi ya sa malamai da yawa ba su ga laifinsu ba. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka ɗauki takardar sharuɗɗan ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa, ya karanta abin da ke ciki ya ba ka fatawa a kansa.

Babur ɗinka yana da nasa ƙaramin wajibi, wato inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne ga motar gida, naira 3,000 ga babur a shekara. Ka saye ta daga kamfani mai lasisi, ba daga hannun 'yan kamashon da ke tsaye a bakin ofishin lasisi ba, domin takardun bogi sun yi yawa, sannan ka duba lambar babur ɗin a `askniid.org` ka tabbata ta fito. Ka sani kuma ba ta biyan gyaran babur ɗinka ko jinyarka.

Yanzu ga yadda za a raba naira 240,000 da kake iya warewa a shekara. Farashin rajista yana canzawa, kuma ya bambanta tsakanin tsari da tsari, saboda haka zan yi misali da adadin da za ka maye gurbinsa da wanda aka faɗa maka a ofis. Mu ɗauka kuɗin lafiya naira 15,000 ne a kan kowane kai, mutum bakwai sun kama naira 105,000. Mu ɗauka kuma kariya zalla ta naira miliyan uku ta tsaya maka a naira 30,000 a shekara, sai naira 3,000 ta babur. Jimilla naira 138,000 ke nan, wato naira 11,500 a kowane wata. Abin da ya rage, naira 8,500 a wata ko naira 102,000 a shekara, shi ne asusun ko-ta-kwana, wanda daga cikinsa za ka biya kason magani, da maganin da aka ce babu a asibiti, da kuɗin mota cikin dare, da rajistar jariri idan ya iso. Idan ka tarar kuɗin lafiyar ya ninka abin da na ɗauka, to naira 210,000 za ta tafi a kansa, kuma a wannan hali inshorar rai ce za ta jira, ba ta lafiya ba. Idan kuwa ka tarar kamfaninku ya yi muku inshorar rai ta gama-gari, sai naira 30,000 ɗin ta koma asusun ko-ta-kwana har sai ya kai albashin wata guda, daga nan ka yi tunanin ƙarin kariya ta kanka.

Wahalar tana cikin shekarar farko, domin ana son kuɗin shekara a dunƙule, kai kuma a wata-wata suke zuwa maka. A nan adashenka zai yi maka rana. Kwasarku naira 150,000 ce, wadda ta isa ta biya duka ukun har da canji. Ka je wurin uwar adashe ka nemi a matso maka da kwasarka zuwa wannan wata ko mai zuwa, ko ka yi musaya da wanda ba ya cikin gaggawa, ka faɗa musu gaskiya cewa iyalinka ke da juna biyu, domin irin wannan uzuri ba a cika ƙin karɓarsa ba. Idan ka riga ka kwashe, to ka bi ta mataki-mataki: albashin wannan wata ka yi wa maiɗakinka rajista, na wata mai zuwa ka yi wa Hajiya, sannan kai, tunda kai ne kan babur kullum kuma kai ne mai nema, sai yara su biyo baya. Amma ka fara tambaya ko akwai farashin iyali a dunƙule, domin wani lokaci ya fi sauƙi a kan biyan kai-kai, kuma yana sa ranar sabuntawa ta zama guda ɗaya maimakon ranaku bakwai da za ka riƙa bi.

Daga shekara ta biyu abin zai daidaita, muddin ka ɗauki naira 11,500 ɗin nan a matsayin bashin da ake cirewa ranar da albashi ya shigo, ba abin da ya rage a ƙarshen wata ba. Ka buɗe asusu na daban wanda ba ka riƙe da katin cirar kuɗinsa a aljihu, ka ba bankinka umarnin tura kuɗin duk wata, kuma kada ka haɗa shi da asusun ko-ta-kwana, domin idan suna wuri ɗaya, kuɗin sabuntawa za su narke a cikin ƙananan buƙatu ba ka ankara ba. Ka lura kuma da watan da ranar sabuntawa za ta faɗo. Watan Satumba na kuɗin makaranta ne, watan biyan haya ma an san nauyinsa, azumi da salla kuwa suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka watan da yake sarari bana yana iya cika bayan shekara uku. Wanda ya tara kuɗinsa a gefe tun da wuri, wannan juyin ba ya damunsa.

Dalilin da ya sa nake nanata sabuntawa shi ne ƙa'idar da harkar inshora take tafiya a kai a Nijeriya, cewa idan ba a biya ba to babu kariya. Idan ranar ta wuce ba ka sabunta ba, katin lafiya yana daina aiki, kuma ana iya sa ka sake zaman jira kamar sabon shiga. A inshorar rai akan ba da 'yan kwanakin rangwame, galibi kwana talatin, bayan haka yarjejeniyar ta faɗi, kuma farfaɗo da ita na iya buƙatar sabon gwajin lafiya. Kada ka miƙa wa wakili tsabar kuɗi a hannu komai sabon da ke tsakaninku, ka tura asusun kamfanin kai tsaye, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya mai ɗauke da lamba. Wajen cike fom kuma ka faɗi gaskiya game da shekarunka, da lafiyarka, da hawan jinin da ke cikin danginku idan an tambaya, da cewa kana hawa babur, domin ɓoye irin waɗannan bayanai shi ne babban dalilin da kamfani ke kafa hujja da shi ya ƙi biya, a lokacin da mai maganar ba ya nan balle ya kare kansa.

Saura batun wanda za a biya. Sunan da ka rubuta a fom shi ne wanda kamfani zai nema, amma yadda za a raba kuɗin tsakanin mata da 'ya'ya da mahaifiya magana ce da ta taɓa hukuncin gado, saboda haka ka tambayi malami tun yanzu, ka rubuta abin da aka tsayar, ka sa shaidu biyu su sa hannu. Ka tabbata sunan da ke kan takardar inshora ya yi daidai harafi da harafi da wanda ke kan katin shaidar ɗan ƙasa da asusun banki, naka da na maiɗakinka, domin bambancin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya riƙe biyan kuɗi na watanni. Sannan ka haɗa katunan lafiya, da takardar yarjejeniya, da rasit, da lambar wayar hukumar da ta kamfanin a cikin jaka guda, ka zaunar da maiɗakinka ka nuna mata inda take, da asibitin da za ta nufa idan ciwo ya tashi ba ka gida, da takardun da za a nema idan ta Allah ta kasance, waɗanda a cikinsu akwai shaidar rasuwa daga asibiti. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka tura wa wani ɗan'uwanka guda da ka amince da shi.